Awon fomant da daidaita wasula tsakanin manya da yara, maza da mata

A shekarar 1952 Gordon Peterson da Harold Barney suka fitar da sakamakon awon wasulan Ingilishin Amurka guda 10 daga bakin mutum 76: maza 33, mata 28, yara 15. Akwai wani abu a teburinsu da ya kamata duk mai shirin auna wasula ya tsaya a kansa. Matsakaicin F1, wato mita ta farko da bututun murya ke ƙarfafawa, na wasalin /ɛ/ a bakin maza Hz 530 ne. Matsakaicin F1 na wasalin /ɪ/ a bakin yara shi ma Hz 530 ne. Wasula biyu ne daban, kunne ba ya rikita su, amma lambar ɗaya ce. Wanda ya zuba ɗanyun lambobin maza da na yara a jadawali guda ya ce zai karanta tsayin harshe daga ciki, girman jikin masu maganar zai karanta.

Dalilin yana cikin yadda fomant ke samuwa. Tantanin maƙwallato yana kaɗawa ya samar da sauti, sai sautin ya ratsa bututun da ya taso daga maƙogwaro zuwa leɓɓa. Bututun nan yana ƙarfafa wasu mitoci ya danne wasu, kuma mitocin da ya ƙarfafa su ne fomant. Na farko, F1, yana hawa idan baki ya buɗe harshe ya sauka, shi ya sa /a/ ke da F1 mai yawa, /i/ da /u/ kuma kaɗan. Na biyu, F2, yana hawa idan harshe ya matso gaba wajen ganɗa, yana sauka idan ya ja baya ko leɓɓa suka kewaye. Sai dai siffar bututun ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba, tsawonsa ma yana da ta cewa, kamar yadda gajeriyar sarewa ta fi doguwa siririn sauti ko da an toshe ramuka iri ɗaya. Idan aka ɗauki bututun a matsayin miƙaƙƙe, rufe ta ƙasa buɗe ta sama, lissafin shi ne:

```
Fn = (2n - 1) * c / (4 * L)
```

A nan n lambar fomant ce, c saurin sauti ne cikin iska mai ɗumi da danshi, kusan santimita 35,000 a daƙiƙa, L kuma tsawon bututun. Da santimita 17.5, wanda ake yawan ɗauka na babban namiji, za a samu 500, 1500, 2500, 3500. Da santimita 15 za a samu 583, 1750, 2917. Abin lura shi ne bambancin na ninkawa ne. Ba a ƙara wa kowane fomant Hz 83 ba, an ninka kowanne da kusan 1.17. Duk hanyar daidaitawar da za a zaɓa daga baya, a kan wannan take tsaye ko take faɗi.

Kuskuren da ke shigowa tun wurin awo

Galibi mutane kan yi ta muhawara kan wace dabarar daidaitawa ta fi, alhali lambobin da za su daidaita sun riga sun lalace. Yawancin masu bincike suna aiki da Praat, manhajar Paul Boersma da David Weenink ta Jami'ar Amsterdam, kuma umarnin da ake bayarwa bai wuce haka ba:

```
To Formant (burg): 0, 5, 5000, 0.025, 50
f1 = Get value at time: 1, t, "hertz", "linear"
f2 = Get value at time: 2, t, "hertz", "linear"
```

A nan t shi ne lokacin da ake son aunawa a cikin sautin. Lamba ta biyu da ta uku a layin farko su ne zuciyar maganar: an ce wa manhajar ta nemo fomant biyar a ƙasa da Hz 5000. Ita ba ta san waye ke magana ba. Za ta yanke duk abin da ya haura wannan rufin, ta yi ƙoƙarin dasa ƙololuwa biyar a abin da ya rage, ko da gaske biyar ɗin suna nan ko babu. A bututun santimita 17.5 fomant na biyar yana kan 4500, na shida kan 5500, don haka 5000 ya faɗo a tsakiyarsu daidai. Shi ya sa ake ba maza 5000, mata 5500, ƙananan yara kuma har wajen 8000. Ke nan tsawon bututun ya shiga aikin tun kafin a fitar da lamba ko ɗaya.

Idan rufin ya yi wa mutum yawa, fomant shida ko fiye ne ke cikin filin, manhajar kuwa biyar aka ba ta, sai ta haɗe biyun da suka fi kusa da juna. A /u/ da /o/ waɗannan biyun su ne F1 da F2. Namijin da /u/ ɗinsa ke da 300 da 870 sai a ga an ba shi fomant ɗaya a tsakani, abin da aka rubuta a gurbin F2 kuma ya zama F3 ɗinsa na gaskiya, sama da 2000. A jadawali wannan /u/ zai je ya zauna kusa da /i/, kuma mai gaggawa zai ce ya gano karin harshen da ke turo /u/ gaba. Idan kuma rufin ya yi kaɗan, fomant huɗu ne a filin, sai manhajar ta ƙirƙiro na biyar a inda ta ga sarari. Sarari mafi faɗi yana tsakanin F1 da F2 na /i/, musamman a bakin mace ko yaro, inda ake da tazarar da ta haura Hz 2400. Sai a ga F2 na /i/ ya fito 1500 ko 1700, kamar wasalin ya koma tsakiya.

Gane waɗannan bai da wuya ga mai dubawa. A buɗe hoton sautin a ga ko jajayen ɗigon da manhajar ke nuna awonta da su suna bin baƙaƙen layukan fomant, ko suna tsalle daga layi zuwa layi. A duba faɗin kowane fomant, domin na bogi yakan zo da faɗi mai yawa, ɗaruruwan Hz. A kuma zana duk awon mutum ɗaya a jadawalinsa shi kaɗai kafin a haɗa shi da kowa: wasalin da ya rabu gida biyu masu nisa, kusan kullum kuskuren awo ne. Maganin shi ne a daina raba rufi bisa jinsi kawai. Akwai maza masu gajeren bututu, akwai mata masu dogo. Paola Escudero da abokan aikinta, a bincikensu na 2009 kan wasulan Fotugis na Brazil da na Turai, sun gwada rufi iri-iri ga kowane wasali na kowane mutum, suka ɗauki wanda ya ba da awo mafi ƙarancin warwatsuwa. Wanda ba zai iya wannan ba, ya auna F3 da hannu a wasula kaɗan, ya raba matsakaicin da 2.5 don samun tazarar da ke tsakanin fomant, ya ninka da biyar. A lambobin 1952, matsakaicin F3 na /i/, /ɑ/ da /u/ ya kai kusan 2563 ga maza, 2930 ga mata, 3387 ga yara, wanda ke nuna rufin wajen 5100, 5900 da 6800. Mafari ne kawai, ido ne zai tabbatar.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓuya, domin ɗigon suna zama lafiya lau a kan layi amma lambar ta karkace. Muryar da ke fitowa daga maƙwallato ba ta da ƙarfi a kowace mita, sai a mitar tushe, F0, da ninke-ninkenta. Namiji mai F0 na 120 yana da ƙarfi a 240, 360, 480, 600, a jere kusa da kusa, don haka duk inda F1 yake akwai abin da zai haska shi. Mace mai F0 na 250 tana da 250, 500, 750 kawai. Idan F1 na /i/ ɗinta yana kan 330, babu komai a wurin, sai lissafin ya ja zuwa ninkin da ya fi ƙarfi a kusa, ya ba da abin da ya matsa wajen 250. Ga mai auna Hausa wannan ya shafe shi kai tsaye, saboda karin sauti. Kalmar "kifi" sama-sama take, gaɓar farko ta "teku" kuma ƙasa take. Idan jerin kalmomin ya zo da /i/ duk a karin sama, /e/ duk a karin ƙasa, wani ɓangare na tazarar F1 da za a gani tsakaninsu F0 ne ya haifar da shi, kuma abin zai fi tsanani a mata da yara. A daidaita karin sauti a duk wasulan, a riƙa ajiye F0 kusa da kowane awo, sannan a duba ko F1 yana manne wa F0 ko ninkinsa na biyu. In yana mannewa, wannan awon na maƙwallato ne, bai faɗi komai a kan harshe ba.

Wurin da aka ɗora ma'aunin shi ma yana da tasiri. Al'ada ita ce tsakiyar wasali, ko matsakaicin kashin tsakiya, daga kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na tsawonsa. Ga dogon wasali kamar na "doki" ko "tuta" wannan ya wadatar. Ga gajere kamar na "fita" ko "tudu" akwai abin lura: 0.025 ɗin da aka rubuta a umarnin, taga ce da ainihin faɗinta ya ninka haka, milisakan 50, duk da cewa gefunanta ba su da nauyi sosai. Gajeren wasalin da bai wuce milisakan 60 ba, tagar ta kusa cinye shi duka har da jan da baƙaƙen gefe ke yi masa. Gajerun /i/ da /u/ na tsakiyar kalma a Hausa dama suna bin baƙin da ke kusa da su, har ana jin "biki" da "buki" a bakin mutane. Don haka a kiyayi /m/ da /n/, waɗanda ke buɗe kogon hanci su dagula F1, a kiyayi /w/, /y/, /kw/, /ky/, a nemi tagwaye irin "dafa" ta girki da "dafa" ta ɗora hannu, inda baƙaƙe da karin sauti suke ɗaya, tsawon wasali kaɗai ya bambanta. Kuma kada a haɗa wanda aka naɗa da makirfo da wanda aka naɗa ta kiran waya. Layin waya na gargajiya yana yanke abin da ke ƙasa da Hz 300, daidai inda F1 na /i/ da /u/ yake zaune, sai ya fito sama da yadda yake.

Lissafi a kan wasula uku

A ɗauka awon ya yi kyau. Ga F1 da F2 na wasulan kusurwa uku daga teburin Peterson da Barney. Maza: /i/ 270 da 2290, /ɑ/ 730 da 1090, /u/ 300 da 870. Mata: /i/ 310 da 2790, /ɑ/ 850 da 1220, /u/ 370 da 950.

Wasu sukan mayar da Hz zuwa ma'aunin Bark su ce sun daidaita. Ba su yi ba. Bark yana kwaikwayon yadda kunne ke raba mitoci ne, bai san tsawon bututun kowa ba. Da lissafin Traunmüller na 1990, 2290 ya zama 13.9, 2790 ya zama 15.2, tazarar tana nan daram.

Hanyar da ta fi kusa da yanayin bututun ita ce wadda Terrance Nearey ya shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970: tunda bambancin na ninkawa ne, a ɗauki logaridim na kowace lamba, a fitar da matsakaici guda ɗaya ga kowane mutum a kan duk fomant da duk wasula, a debe shi daga kowane awo.

```
G = mean( ln(F) )
F* = ln(F) - G
```

Ga maza, lambobin nan shida sun ba da G na 6.566, daidai da Hz 710. Ga mata 6.715, daidai da Hz 825. Rabon tsakaninsu 1.16 ne, kusa ƙwarai da abin da lissafin bututu ya hango. Idan aka raba lambobin mata da 1.16 don su dawo kan sikelin maza, /i/ ya zama 267 da 2405, /ɑ/ ya zama 733 da 1052, /u/ ya zama 319 da 819. F1 ya zauna kusan cif: 267 da 270, 733 da 730. F2 kuwa ya bar saura. Na /i/ ya fi na maza da 115, na /u/ ya gaza na maza da 51. Daga /u/ zuwa /i/ maza suna da faɗin 1420, mata suna da 1586, bayan an cire bambancin tsawo.

Yanzu a gwada ta Boris Lobanov ta 1971, wadda ta fi kowace farin jini. A nan kowane fomant ana yi masa lissafinsa daban: a debe matsakaicin mutumin, a raba da ma'aunin warwatsuwarsa.

```
z = (F - mean(F)) / sd(F)
```

F2 na maza yana da matsakaici 1417 da warwatsuwa 764, sai /i/ ya zama 1.14, /ɑ/ −0.43, /u/ −0.72. Na mata yana da matsakaici 1653 da warwatsuwa 994, sai a samu 1.14, −0.44, −0.71. Sun hau kan juna kamar mutum ɗaya ne ya furta. Da wasula uku kacal abin ya fi sauƙin haɗuwa, amma halin dabarar ke nan ko da wasula goma ne. Jadawalin ya yi kyau, kuma wannan kyan ne ke ruɗar mutane. Warwatsuwar mata ta ninka ta maza da 1.30, alhali tsawon bututu 1.16 kaɗai ya iya bayyanawa. Ragowar an share ta, ba tare da an tambayi daga ina ta fito ba.

Daga ina ta fito? Wani ɓangare daga jiki ne. Gunnar Fant ya daɗe da nuna cewa bututun mace bai zama na namiji da aka rage ko'ina daidai wa daida ba. A lokacin balaga maƙwallaton namiji yana sauka, sai ɓangaren maƙogwaro ya yi tsawo fiye da yadda kogon baki ya yi, abin da hoton jiki na Fitch da Giedd ya tabbatar a 1999. Wani ɓangaren kuma daga ɗabi'a ne: yadda mutum ke buɗe baki, yadda yake fayyace magana, abin da al'ummarsa ta saba ji daga namiji ko mace. Tazarar maza da mata ba ɗaya take a kowane harshe ba, wanda da jiki kaɗai ne da ba haka ba. Lissafi ba zai raba waɗannan biyun da kansa ba. Hanyar Nearey mai ma'auni guda tana barin su duka a fili don a yi nazarinsu, ta Lobanov tana kwashe su duka.

Wannan bai sa Lobanov ta zama marar amfani ba. Patti Adank, Roel Smits da Roeland van Hout sun gwada dabaru da dama a 2004 kan mutum 160 masu harshen Holanci, kuma ita ce ta zo gaba wajen kawar da bambancin jinsi tare da riƙe bambancin yanki. Idan tambayar ita ce ina /e/ yake zaune tsakanin /i/ da /a/ a cikin tsarin kowane mutum, ta dace. Amma idan tambayar ita ce ko gajerun wasulan Hausa sun fi matsowa tsakiya a bakin matasan Kano fiye da na dattawan Sakkwato, ko kuwa mai karanta labarai ya fi mai hira buɗe filin wasulansa, to faɗin filin shi ne abin da ake nema, kuma rabawa da warwatsuwa ta taɓa shi. Wanda gajerun wasulansa suka taru a tsakiya zai samu ƙaramar warwatsuwa, rabawa da ƙaramar lamba kuma za ta buɗa filinsa duka, har dogayen wasulansa su fito kamar sun fi na kowa nisa. A irin wannan aikin ma'auni guda ya fi gaskiya, ko na Nearey, ko wanda Keith Johnson ya gabatar a 2020, inda ake ƙiyasta tazarar fomant ta mutum daga F1, F2 da F3 a raba kowane awo da ita.

Akwai tarkon da ya shafi duk dabarun nan, kuma ya fi kama masu aiki da hirar da aka naɗa kai tsaye. Matsakaicin da ake debewa ya dogara ga wasulan da suka shiga lissafi. A koma kan F2 na maza, a ɗauka an samu /ɑ/ sau uku, /i/ da /u/ sau ɗaya-ɗaya. Matsakaici ya sauka zuwa 1286, warwatsuwa zuwa 569, sai /i/ ya tashi daga 1.14 ya koma 1.76. Harshen mutumin bai motsa ba, ƙidayar kalmomi ce ta canza. A maganar Hausa /a/ ya mamaye ko'ina, /e/ da /o/ kuwa ba su da yawa, kuma rabon yana bambanta daga mai magana zuwa mai magana gwargwadon abin da ake hira a kai. Saboda haka a fara fitar da matsakaicin kowane wasali ga kowane mutum, sannan a lissafa G ko matsakaici da warwatsuwa daga waɗannan matsakaitan, kowane wasali da ƙuri'a ɗaya. Idan wani ya rasa wasali gaba ɗaya, ba za a lissafa masa da huɗu a lissafa wa sauran da biyar ba. Ko dai a rage kowa zuwa huɗun, ko a bi hanyar da Santiago Barreda da Nearey suka bayar a 2018, wadda ke ƙiyasta ma'aunin mutum da tasirin wasali a lokaci guda.

Wannan dalilin ne ya sa Sandra Disner ta yi gargaɗi tun 1980 kan kwatanta harsuna masu tsarin wasula daban. Harshen da ke da wasulan gaba da yawa, matsakaicin F2 ɗinsa zai yi sama, kuma dabarar za ta ɗauki hakan a matsayin gajeren bututu ta danne shi. Mai kwatanta Hausa da Fulfulde, ko Hausar wani da Faransancinsa, ya sani cewa z na 1.1 a nan da z na 1.1 a can ba wuri ɗaya ba ne a baki. Idan mutum ɗaya ne ke magana da harsunan biyu, ba ya ma bukatar ma'auni biyu, tunda bututunsa ɗaya ne.

Ga Hausa, tsarin da ya fi kauce wa waɗannan matsalolin shi ne a fitar da ma'aunin kowane mutum daga dogayen wasula biyar kaɗai, a gaɓar da ba ta ƙarshe ba, da karin sauti iri ɗaya, kowanne da maimaici daidai da na ɗan'uwansa. Su ne ke da tsakiya mai tsayawa da ake iya aunawa da natsuwa, kuma su ne suka zagaye filin ta kowace kusurwa. Daga nan sai a raba duk sauran awon da wannan ma'aunin, har da gajerun wasula da tagwan /ai/ da /au/, ba tare da sun shiga lissafinsa ba. Ta haka abin da ake bincike bai gurɓata abin da ake auna shi da shi ba. Sharaɗin shi ne a fara duba ko dogayen wasulan kansu ba sa motsi tsakanin kare-karen da ake kwatantawa. In ɗaya yana motsi, a cire shi daga ma'aunin kowa.

Kafin a amince da sakamakon, a jera ma'aunin kowane mutum a duba shi da ido. Ana sa ran yawancin mata su fi yawancin maza da kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, yara kuma su haura haka. A lambobin 1952 na yara ya ninka na maza da 1.37. Babban namijin da ma'auninsa ya fito cikin na yara, a koma kan rufin da aka ba shi a sake duba /u/ da /o/ ɗinsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan a sake yin babban kwatancen da dabara ta biyu. Idan bambancin Kano da Sakkwato ya bayyana da Nearey kuma ya bayyana da Lobanov, ya yi ƙarfi. Idan ya bayyana da ɗaya ya ɓace da ɗayar, akwai yiwuwar yana cikin faɗin filin ne ko cikin rabon wasulan da aka ƙirga, kuma sai an buɗe ɗanyun lambobin Hz na mutum-mutum a gano wanne ne daga ciki kafin a rubuta komai.